Daɓen Motar Ƙugiya

Abarshi ya daɗe rabonsa da Kusasu. Soja ne ya ɗauke shi lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kai shi ƙasar Bama, can ya koyi tuƙi, da ya dawo da muƙamin kofur sai ma'aikatar ayyuka ta riƙe shi a Kaduna. Ya fara da tifa, ya koma babbar mota, har aka damƙa masa motar ƙugiya, wadda ma'aikata ke ce wa kiren. Gida kuwa labari kawai ake ji, wai Abarshi yana tuƙa wani abu mai dogon wuya da ke ɗaukar mota kamar yadda ake ɗaukar kaza. Rabin mutane ba su yarda ba.

Shekara biyu kafin Turawa su miƙa mulki, aka ce za a yi gada a Rafin Ɗinya, wanda ke raba Kusasu da hanyar Birnin Gwari duk damina. Magina sun riga sun tashi bango biyu na kankare, ɗaya a kowace gaɓa. Saura a ɗora azara huɗu na kankare a kansu, waɗanda aka zuba tun a yadi, suka bushe, aka kawo su a tirela aka jera a bakin rafi. Da aka karanta sunan direban da zai je ɗora su, Abarshi ya tashi tsaye ya ƙame, ya zauna, ya sāke tashi. Ranar ya kai kakinsa wurin mai guga, ya ce a sa masa sitati har wandon ya iya tsayawa shi kaɗai.

Tun daga bakin daji ya fara danna oda. Babu kowa a hanya sai birai, amma bai fasa ba. Kafin ya iso rafi garin duka ya fito, har tsofaffin da aka ce ba sa tashi. Maliki makaɗi, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, yana gaba da gangarsa yana tafiya da baya, yana kallon motar yana zuba kirari: “Abarshi na Furera! Mai raƙumin ƙarfe! Ka ɗauki dutse ka tambaya ina sauran!”

Furera yayarsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ta kutsa cikin mutane ta tsaya gaban motar, ta dubi wuyan daga gindi har ƙugiya, sannan ta juya ta fuskanci matan gari.

“To, Hajjo, ina kike? Ke da kika ce ƙarya nake yi. Zo ki taɓa.”

Hajjo ta zo ta taɓa tayar da ɗan yatsa ɗaya, ta ja da baya da gudu. Abarshi yana sama yana dariya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Aka tsayar gobe da hantsi za a ɗaga azara ta fari. Furera ta sa aka jiƙa gero, aka kama ɗan akuya, aka aika ƙauyen Gayam a gaya wa dangi.

Da asuba sai ga ruwan farko. Ba mai tsawo ba ne, amma ya zuba kamar da ƙwarya.

Mai kula da aikin wani saurayi ne, Malam Ƙasimu, mutumin Zariya, wanda ya yi makarantar koyon sana'a a Kaduna. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kullum da fensir a bayan kunne. Shi ya auna wurin ya rubuta takardar tsarin ɗagawa, Baturen injiniya ya duba ya sa hannu kafin ya wuce wani aikin. Da gari ya waye Abarshi ya iso cikin kakinsa mai ƙara, ya tarar da shi tsaye a bayan bangon gada, daidai inda ya kafa turaku huɗu da ɗaya a tsakiya ya shafa musu farar ƙasa, wato inda motar za ta tsaya. Yana riƙe da rodi.

“Kofur, ina kwana? Zo ka ga wani abu.”

Ya kafa rodin ya danna da hannu ɗaya. Rodin ya shige kamar a tuwo, sai da ya yi ƙafa biyu sannan ya ci karo da tauri. Wurin ciko ne. Ƙasar ƙasa an danne ta da kyau, amma ta sama sabuwa ce, ruwan da ya gangaro daga hanya ya taru a kanta ta zama taɓo.

“Yau ba ɗagawa,” in ji Malam Ƙasimu.

Abarshi ya waiwaya. Mutane sun cika gaɓa, wasu a kan bishiya. Dangin Gayam sun iso da jakunansu. Maliki ya hango shi, ya ɗaga makaɗi sama, ganga ta amsa. Wani abu ya taso wa Abarshi daga ciki har ƙeya, ya ji kamar ya sha zuma a rana.

“Malam, ai abin mai sauƙi ne. Ga tsandauri nan baya kaɗan. In ja motar can in tsaya, in miƙa wuyanta. Injin nan ba ka san shi ba, ko tari ba zai yi ba.”

Malam Ƙasimu bai ce a'a ba. Ya ciro tef ya ba Abarshi bakin, ya ce ya riƙe a kan turken tsakiya, shi kuma ya ja har inda ƙasa ta yi tauri. Ƙafa takwas. Ya buɗe takardar a kan murfin mota, ya bi layi da fensir yana karantawa a hankali.

“Azara, tsawo ƙafa ashirin da huɗu, nauyi tan huɗu. Ƙugiya da wayoyin ɗauri, kwatan tan. Duka tan huɗu da kwata. Daga cibiyar mota, inda take juyawa, zuwa tsakiyar rafi inda ƙugiya za ta sauka, ƙafa ashirin da biyu. A nan motarka tan biyar take ɗauka, muna da sarari. In ka ja baya ƙafa takwas, tazara ta zama talatin. Kofur, hau ka karanta mini farantin tagullar da ke gefen kujerarka. Ƙafa talatin, nawa?”

Abarshi bai hau ba. Ya san farantin kamar sunansa.

“Tan uku,” ya ce ƙasa-ƙasa.

“Tan uku. Injin zai ɗaga, ban musa ba. Motar ce za ta bi azarar cikin rafi, kai kuma kana ciki.”

Abarshi ya sosa ƙeya. Duk wannan ya sani tun kafin Malam Ƙasimu ya shiga makaranta. Ganga ce ta hau masa kai. Ya dubi takalmansa da ya sha gogawa, ya ga taɓo ya riga ya kama su, sai dariya ta kuɓuce masa, ta kunya, ya rufe fuska da hula.

Furera ta iso tana gyara ɗaurin zane. “Me ake jira? Nama ya nuna.”

“Yaya, an ɗaga aikin.”

“To, ai ɗagawar muka zo gani.”

“A'a, an fasa yau.”

Ta juya kan Malam Ƙasimu. “Ɗan nan, kai ne ka hana? Abin da ya fi rumbu girma, a ce sanda ɗaya ta gagare shi?”

Malam Ƙasimu ya russuna ya gaishe ta. Ya karɓi tulun ruwa daga hannun wata mata ya miƙa wa Furera. “Gwaggo, rungume wannan.” Ta rungume. “To, miƙe hannuwanki gaba, kada ki matsa ƙafa.” Ta miƙa, tulun ya rinjaye ta, ta yi taga-taga, ruwa ya fantsama a kan kakin Abarshi. Mata suka kwashe da dariya.

“Haka motar take,” in ji shi. “Kusa da jiki tana da ƙarfi, nesa ba ta da shi. Dole ta matso bakin bango. Bakin bango kuwa taɓo ne. Tana da madogarai huɗu da take kafawa a ƙasa, in wuya ya juya da kaya kusan duk nauyin kan ɗaya yake komawa. Ɗayan nan in ya nutse ko kamu guda ne, an gama.”

“To a gyara ƙasar mana.”

“Haka takardar ta ce. In ƙasa ta jiƙe, a kwashe taɓon har a kai tauri, a zuba marmara kaɗan-kaɗan ana dannewa, sannan a shimfiɗa katako. Marmara akwai, tifa akwai. Motar danne ƙasa ce babu, tana wani aikin bayan Birnin Gwari, sai mako mai zuwa. Leburorina kuwa ba su da yawa.”

Furera ta ajiye tulun. “Tsaya. A kwashe laka, a zuba marmara, a yayyafa ruwa, a buga har ta yi tauri?”

“Haka ne, Gwaggo.”

“Daɓe ke nan!” Ta tafa hannu. “Daɓe kake nufi, kake ta zagaye da fensir! Hajjo! Saude! Ku ji wani abu, amaryar Abarshi ta ce ba za ta shiga ɗaki ba sai an yi mata daɓe!”

Maganar ta bi gaɓa kamar wutar daji. Mata suka watse gida da gudu suna shewa, suka dawo kowace da madaɓinta. Maza suka ga abin zai wuce su, suka ɗauko galma da kwanduna. Mai gari ya ce ai wannan gayya ce, tunda gadar tasu ce. Malam Ƙasimu ya tsaya baki buɗe, fensir ya faɗi daga kunnensa.

Da ya dawo hayyacinsa ya shata wurin da igiya, ya faɗi sharaɗinsa. Taɓo duka sai ya fita, har rodi ya daina shiga. Marmara kada kaurinta ya wuce yatsu huɗu a kowace shimfiɗa. Madaɓi shi kaɗai ba zai isa ba, don ba ƙafar mutum za ta taka wurin ba, saboda haka maza za su fara bi da gungumen itace suna kirɓawa, mata su bi baya, sannan tifa da lodinta ta yi gaba ta yi baya a kai. In ya gwada bai gamsu ba, a sāke.

“Wannan yaro ya fi uwar miji tsanani,” in ji Saude.

Aka fara. Kafin azahar taɓon ya fita, tifa ta juye jar marmara busasshiya daga ramin da ke bayan gari. Mata suka jeru a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa, Maliki ya canza kiɗa ya ba su na daɓe, madaɓai suka rinƙa sauka tare, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirji. Hajjo ce ke ba da waƙa, nan take take ƙirƙira ta, saura suna amshi:

“Amaryar Kaduna ba ta taka laka,
Ƙafarta huɗu, lallenta baƙin mai.”

Abarshi ya tuɓe rigar kakin ya rataye a madubin mota, ya kama gungume tare da wani ɗan kawunsa. Duk wanda ya wuce sai ya tsokane shi. Wannan ya ce, ango, ina goron? Wancan ya ce, ashe sadakin da ka biya ƙarfe ne? Shi kuwa yana kirɓawa yana rawa da kafaɗa, gumi yana zuba, yana jin bai taɓa yin farin ciki irin wannan ba tun da ya sauka daga jirgin ruwa a Ikko. Wasu Fulani da ke wucewa da shanu suka tsaya kallo, babbansu Bakoji ya tambaya ko biki ake yi. Aka ce masa eh. Ya aika aka kawo ƙwarya biyu ta nono, ya ce gudunmawa.

Shimfiɗa ta uku Malam Ƙasimu ya sa rodi a wani gefe ya ga ya ɗan shiga. Ya ce a tone nan a sāke. Mata suka yi masa ca, Hajjo ta sa shi a waƙa, ta ce malamin da ke auna tuwo da tef. Ya tsaya yana murmushi yana gyaɗa kai, amma bai matsa ba sai da aka tone. Ɗan akuyan da aka yanka don murnar ɗagawa, a bakin aikin aka cinye shi. Rana ta kusa faɗuwa aka gama. Ya hau kan rodin da nauyinsa duka, rodin ya lanƙwashe, ƙasa ba ta ce komai ba. Ya sa tifa ta tsaya a kai da lodi, ya durƙusa ya duba, ko sawun taya da ƙyar ake gani. Ya sa aka lulluɓe wurin da tamfol, aka haƙa ɗan lambatu ta sama don ko ruwa ya sāke zuwa ya bi gefe. Ya ciro fensir ya rubuta abin da aka yi a ƙasan takardar.

“Gobe, in Allah ya kai mu, Kofur.”

Ruwa bai zo ba. Da hantsi Abarshi ya shigo da motar da baya, a hankali, har cibiyarta ta hau kan turken tsakiya. Aka jera manyan katakai na maɗaci gicciye a ƙarƙashin kowane madogari, aka murɗa madogaran har nauyin motar ya bar tayoyi, aka ɗora ma'aunin ruwa aka ga ba ta karkata ko'ina ba. Malam Ƙasimu ya sāke jan tef, ƙafa ashirin da biyu cif. Aka zura wayoyi a kunnuwan ƙarfe biyu da aka bari a jikin azarar, aka ɗaura doguwar igiya a kowane ƙarshe, mutum biyu suka riƙe daga nesa don kada ta yi juyi.

Sannan ya juya ga jama'a. Kowa ya koma bayan igiya. Ba mai shiga ƙarƙashin wuya. Shi kaɗai zai yi wa direba ishara, kuma yana son ya ji ko katako ya yi ƙara, saboda haka ba kiɗa, ba guɗa, ba magana, sai azara ta zauna.

Maliki ya ce wannan zalunci ne. Furera ta fizge makaɗin daga hannunsa ta soke a ɗamararta.

Abarshi ya zauna a kujera ya yi bisimilla. Da hannunsa ya taɓa ƙarfen, sai duk rawar kan nan ta kwanta. Bai ƙara ganin kowa ba sai hannun Malam Ƙasimu. Yatsa ya yi sama yana kewayawa, ya ja a hankali, wayoyi suka miƙe suka yi tauri, inji ya canza murya, azarar ta rabu da ƙasa kamu ɗaya. Hannu ya tsaya, ya taka birki. Tan huɗu na lilo kaɗan a iska. Malam Ƙasimu ya zagaya madogarai huɗun ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa. Birki ya riƙe, katako ya zauna.

Aka ƙara sama, aka fara juyawa. Da wuyan ya zo daidai kan madogarin baya na dama, katakon ya yi wata ƙara, ƙaƙas. Hannu ya tsaya. Abarshi ya tsaya. A gaɓa ba mai numfashi. Saude ta cusa bakin mayafi a baki, Hajjo ta rungume wata mata da ba sa ko gaisawa. Malam Ƙasimu ya duba, ya ga katakai ne suka kwanta a kan juna, daɓen ko tsaga bai yi ba. Ya miƙe ya yi ishara a ci gaba.

Azarar ta fita kan rafi, inuwarta tana tafiya a kan yashi. Masu igiya suka daidaita ta. Ta fara sauka, yatsa-yatsa, har magina biyu da ke jira a gefen kowane bango suka kama ta suka gyara mata zama a kan alamar jan fenti. Ta zauna. Wayoyi suka saki. Malam Ƙasimu ya duba wannan ƙarshe, ya leƙa wancan, sannan ya cire hularsa ya jefa sama.

Guɗar da ta tashi sai da tsuntsaye suka bar bishiyoyi. Maliki bai jira makaɗi ba, da tafin hannu ya hau gangar. Tsofaffi suna rawa da sanduna, jakunan Gayam suka tsinke suka yi daji, masu su ba su ko waiwaya ba. Abarshi ya sauko, ya zauna a kan matakala yana dariya, hawaye na bin fuskarsa. Furera ta zo ta kama kansa da hannu biyu tana girgizawa kamar tana duba kankana.

“Ka gani? Ka gani? Ni na ce a yi daɓe!”

“Ke ce, Yaya. Wallahi ke ce.”

“Kofur,” in ji Malam Ƙasimu, yana kakkaɓe hularsa, “saura uku. Ta gefe tazararta ta ɗan fi, ashirin da uku, na duba, muna ciki.”

Sau uku aka sāke yin shirun nan, sau uku aka fasa shi. Kafin la'asar azara huɗu suna kwance a jere daga gaɓa zuwa gaɓa, ana hana mutane hawa sai an zuba kankare a kansu.

Washegari suna naɗe wayoyi za su wuce Kakangi, inda wata gadar ke jira, sai ga wani mutum a kan keke ya iso yana haki. Ya ce matan Kakangi ne suka aiko shi. Labari ya kai musu, sun fito da madaɓai, sun yi sabuwar waƙa, sun ce a gaya wa ango tasu ta fi ta Kusasu, yaushe za a fara?

Malam Ƙasimu ya buɗe ɗaya takardar ya duba. “Ai wurinku fā ne. Dutse ne shimfiɗe, ba ya son komai sai katako.”

Mutumin ya dubi Abarshi. “To ni yanzu me zan ce musu? Sun riga sun jiƙa gero.”

Abarshi ya dubi Malam Ƙasimu, Malam Ƙasimu ya dubi sama.

“Ka ce muna tafe,” in ji Abarshi. “Malam zai nemo musu wurin da za su buga, ko da inda zan ajiye butata ne.”

Ya ɗaura keken mutumin a bayan mota, ya ce ya hau gaba, ya tada inji.